BABI NA TAKWAS: FASSARAR TAKARDAR TAƘAITACCEN TARIHIN RAYUWA DAGA HAUSA ZUWA INGILISHI

8.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren fassara, inda aka bambanta fassarar kalma da kalma da fassara mai 'yanci. A wannan babi kuwa za a ɗauki nau'in rubutu guda ɗaya, a ga yadda waɗancan ka'idoji suke aiki a kansa. Rubutun shi ne takardar taƙaitaccen tarihin rayuwa, wadda 'yan boko suka fi sani da si-bi. Za a duba abin da ya raba ta da sauran rubuce-rubuce, da wuraren da mai fassara ya fi yin tuntuɓe, sannan a bi misali guda tun daga matanin Hausa har zuwa kammalalliyar fassara. Ana sa ran bayan ɗalibi ya nazarci babin zai iya gane jimlar da nahawunta daidai ne amma baƙo ba zai fahimce ta ba, ya kuma san hanyar gyara ta ba tare da ya yi ƙari ko ragi a kan gaskiyar mai takarda ba.

8.1 Yanayin Takardar da Mai Karanta Ta

Takardar taƙaitaccen tarihin rayuwa ita ce wadda mai neman aiki ko gurbin karatu yake miƙawa domin ya nuna iliminsa da ayyukan da ya yi da ƙwarewar da ya samu. Ta bambanta da labari ko waƙa, domin ba daɗin harshe ake nema a cikinta ba. Wani ne zai karanta ta ya yanke hukunci, ko a kira mai ita ganawa ko a ajiye ta gefe. Galibi kuma mai karantawar yana da tarin irinta a gabansa, ba shi da lokacin binciken ma'anar abin da ya shige masa duhu, kuma mai takardar ba ya kusa balle a tambaye shi. Saboda haka duk layin da bai fahimta ba, tamkar ba a rubuta shi ba ne.

Masanin fassara Eugene Nida, a littafinsa Toward a Science of Translating na shekarar 1964, ya bambanta daidaito iri biyu. Akwai daidaito na siga, inda mai fassara yake bin ƙirar matanin asali sau da ƙafa. Akwai kuma daidaito na tasiri, inda yake ƙoƙarin ganin mai karanta fassara ya fahimci abin da mai karanta asali ya fahimta. A fassarar wannan takarda, daidaito na tasiri shi ne abin nema. Sai dai yana da iyaka, domin sunayen takardun shaida da shekaru da adadi ba a taɓa su. Ke nan mai fassara yana da 'yanci a kan lafazi, amma ba shi da 'yanci a kan hujja.

Tambayar farko da ya kamata mai fassara ya yi ita ce: wa zai karanta? Idan takardar za ta je wata ma'aikata ce a Kano ko Abuja, mai karantawa ya san tsarin ilimin ƙasar nan, ya san hidimar ƙasa, ya san ƙaramar hukuma. Idan kuwa za ta je Landan ce ko Washinton, to duk wannan sani babu shi, kuma aikin mai fassara ne ya cike giɓin. Wannan babi ya taƙaita ne a kan mai karatu na biyu.

8.2 Misalin da Za a Yi Aiki da Shi

A ƙaddara wata malamar firamare ce take neman aikin jami'ar ilimin manya a wata ƙungiyar agaji mai hedikwata a Birtaniya. Ta rubuta bayaninta da Hausa, ta kawo a fassara mata. Ga layuka shida daga cikin abin da ta rubuta:

1. Na yi makarantar allo, na sauke Alƙur'ani a shekarar 2008.
2. Na sami takardar shaidar malanta ta ƙasa a shekarar 2015.
3. Na yi bautar ƙasa daga 2020 zuwa 2021.
4. Na koyar a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu.
5. Na taka rawar gani a ƙungiyar taimakon kai da kai.
6. Ni mace ce mai haƙuri da kunya da riƙon amana.

Duk Bahaushen da ya karanta waɗannan layuka zai ga mace mai ilimin addini da na zamani, wadda ta yi wa jama'arta aiki, kuma mai kyawawan halaye. Amma ga abin da fassarar kalma da kalma za ta haifar:

1. I did slate school and brought down the Qur'an in 2008.
2. I got the paper of witness of national teaching in 2015.
3. I worshipped the country from 2020 to 2021.
4. I taught in the war against ignorance class of our ward women.
5. I danced a visible dance in the self by self help group.
6. I am a patient, shy and trust-holding woman.

Kowace kalma a nan tana da madogara a ƙamus, amma babu layi ɗaya da ya isar da saƙo. Idan aka lura, matsalolin ba iri ɗaya ba ne. Layi na 1 da na 2 da na 3 sun shafi cibiyoyi da takardun da baƙo bai san da su ba. Layi na 4 da na 5 sun shafi maganganun da ma'anarsu ba ta fitowa daga kalmominsu ɗaiɗai. Layi na 6 kuwa ya shafi bambancin al'ada wajen yabon hali. Za a bi su rukuni-rukuni.

8.3 Cibiyoyi da Takardun Shaida

Ƙa'ida ta farko ita ce, duk abin da yake da suna na hukuma da Ingilishi, ba a fassara shi, sai dai a mayar masa da sunansa. Takardar shaidar malanta ta ƙasa ita kanta fassara ce ta Nigeria Certificate in Education, wato NCE. Mai fassara zai nemi ganin takardar da idonsa, ya kwafi sunan kamar yadda aka buga shi. Idan ya ƙirƙiro wani suna, mai ɗaukar aiki zai kwatanta da kwafin shaidar da aka haɗa masa, ya ga sun saɓa, zargi ya shiga.

Amma mayar da suna kaɗai bai wadatar ba. A ƙasashe da dama kalmar certificate tana iya nufin shaidar kwas na 'yan makonni. Alhali kuwa NCE karatu ne na shekara 3 bayan sakandare, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta amince a shiga aikin koyarwa da ita. Idan aka bar sunan tsurarsa, an rage wa malamar daraja. A nan ne ake amfani da dabarar da Peter Newmark ya bayyana a littafinsa A Textbook of Translation na 1988, wato haɗa sunan asali da gajeren bayani mai siffanta shi. Layi na 2 zai koma kamar haka:

Nigeria Certificate in Education, 2015: three-year post-secondary teaching qualification.

Abin lura shi ne, bayanin ya siffanta takardar ne kawai, bai ce ta yi daidai da wata takarda ta Birtaniya ba. Tantance daidaiton takardun ilimi ba hurumin mai fassara ba ne. Akwai hukumomin da aka tanada domin wannan, kamar UK ENIC a Birtaniya, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC, da kuma World Education Services a Amurka da Kanada. Mai fassarar da ya rubuta cewa NCE digiri ce ya wuce gona da iri, kuma zai iya jawo wa mai takarda tuhumar yin ƙarya.

Haka abin yake ga sakamakon digiri. Yawancin jami'o'in Nijeriya suna auna maki a kan ma'aunin 5, na Amurka kuwa galibi a kan 4. Idan malamar ta ci gaba da karatu ta sami digiri da maki 3.80, aka rubuta adadin shi kaɗai, Ba'amurke zai ɗauka ta kusa ƙure ma'auni. Daidai shi ne a rubuta 3.80/5.00, a kuma kwafi matakin digirin kamar yadda jami'a ta rubuta shi. Ba a yin lissafin mayar da shi zuwa wani ma'auni.

Layi na 3 ya nuna haɗarin kalma mai ma'ana fiye da ɗaya. Bauta a Hausa tana nufin ibada, tana nufin zaman bawa, tana kuma nufin hidima mai wahala. A nan ma'ana ta uku ake nufi, kuma shirin yana da sunansa, wato National Youth Service Corps, wanda aka kafa a shekarar 1973. Sai dai ko an mayar da sunan, akwai sauran aiki. A Birtaniya, national service yana tuna wa mutane aikin soja na dole ne, wanda aka daina tun farkon shekarun 1960. Don haka a bayyana cewa hidimar farar hula ce ta shekara ɗaya ga waɗanda suka kammala digiri. Wani kuskure da ake yawan yi kuma shi ne amfani da passed out wajen nuna kammala hidimar. A Ingilishin Nijeriya wannan ba baƙon abu ba ne, amma ga yawancin baƙi ma'anarsa ta farko ita ce suma. Bugu da ƙari, mai ɗaukar aiki ya fi son sanin abin da aka yi a shekarar fiye da sunan shirin. Idan mai fassara ya tambayi malamar ta ce koyarwa ta yi a wata ƙaramar sakandare, sai ya rubuta:

Hausa Teacher, junior secondary school, 2020–2021. One-year civilian national service for graduates, National Youth Service Corps.

Layi na 1 ya fi sauran wuya, domin makarantar allo ba ta da suna na hukuma da Ingilishi. Bahaushe ya raɗa mata suna ne daga abin rubutu, amma baƙo ba allon yake bukatar sani ba, abin da ake koyarwa yake son ji. Saboda haka Qur'anic school ya fi dacewa. Sauka kuwa tana nufin kammala karatun Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe, izu sittin, a gaban malami. Ba ɗaya take da hadda ba. Mafassara da yawa sukan rubuta memorised a wurin sauka, ta haka su ba mutum matsayin mahaddaci alhali bai yi da'awarsa ba. Wajibi ne a tambaya. Idan sauka ce kawai, sai a ce:

Traditional Qur'anic school: completed study of the full text in Arabic, 2008.

Ko za a bar wannan layi ko a cire shi, ya danganta ga aikin da ake nema. A misalin nan barinsa yana da amfani, domin wadda za ta koyar da manyan mata a ƙasar Hausa za ta tarar da yawansu sun fara sanin baƙi da wasali ne ta hanyar allo. Idan aikin akanta ne, ana iya cire shi bayan an shawarci mai takarda.

8.4 Maganganun da Ba a Warware Su

Rukuni na biyu shi ne na adon magana da kalmomin da suka daskare wuri guda. Yaƙi da jahilci suna ne da ya samo asali daga gangamin koyar da manya karatu da rubutu da aka yi a Jihar Arewa a shekarun 1950, ya kuma zauna a bakin jama'a har yau. Bahaushe ba ya jin yaƙi a cikinsa, ba ya kuma jin zagi. Amma idan aka warware shi zuwa Ingilishi, kalmar ignorance tana fitowa da kaifinta, sai a ga kamar malamar tana kiran ɗalibanta jahilai. Ga ƙungiyar da aikinta ke nan, wannan kaɗai ya isa ya sa a yi mata mummunar fahimta. Abin da masu wannan fage suke cewa shi ne adult literacy. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da ake neman jami'a dominsa, wato fassarar kalma da kalma ta binne hujjar da ta fi kowace ƙarfi a takardar.

Hanyar gane irin waɗannan maganganu mai sauƙi ce. Mai fassara ya tambayi kansa: shin abin da kalmomin suka faɗa ya faru a zahiri? Wanda ya ci jarrabawa bai tauna komai ba. Uban ƙungiya bai haifi kowa a cikinta ba, shi ne wanda Ingilishi ke kira patron. Wadda ta taka rawar gani ba ta yi rawa ba. Duk inda amsar ta zama a'a, to a ajiye kalmomin a ɗauki ma'ana.

Sai dai a wannan nau'in rubutu, samun takwarar magana ma bai isa ba. Ana iya fassara layi na 5 da played an important role, kuma ba a yi kuskure ba. Amma mai ɗaukar aiki zai ce: wace rawa? Bahaushe yakan wadatu da dunƙulalliyar magana, domin a cikin al'ummarsa an san shi, an san abin da ya yi, kuma zayyana ayyukan kai yana kama da yabon kai, wanda aka ce jahilci ne. Takardar Ingilishi kuwa an gina ta ne a kan ayyuka ƙididdigaggu. Don haka mai fassara zai koma ga mai takarda da tambayoyi uku: me kika yi, mutum nawa ya shafa, kuma yaushe? A ƙaddara malamar ta amsa cewa ita ce ma'ajin ƙungiyar tsawon shekara biyu, tana riƙe da littafin kuɗin mambobi 60, kuma ajin nata yana da mata 35, ana zama sau uku a mako. Sai layi na 4 da na 5 su koma haka:

Volunteer Adult Literacy Teacher, 2021–2023. Taught reading and writing in Hausa to 35 women, three sessions a week.

Treasurer, community development association, 2022–2024. Kept accounts for 60 members.

Akwai abu biyu na nahawu da ya kamata a lura da su a nan. Na farko, jimlar aikatau ta Hausa ba ta tsayuwa sai da wakilin suna mai ɗauke da lokaci, shi ya sa layi na 1 zuwa na 5 kowanne ya fara da "na". Takardar Ingilishi kuwa takan jefar da wakilin sunan, ta fara da aikatau kai tsaye. Jero I a farkon kowane layi yana sa takardar ta yi kama da insha'in ɗan makaranta. Na biyu, shuɗaɗɗen lokaci na Hausa yana nuna kammaluwar aiki ne, don haka "na riƙe muƙamin" bai fayyace ko har yanzu ana kai ba. Ingilishi kuwa yana rarrabewa: aikin da aka bari yana ɗaukar shuɗaɗɗen lokaci, wanda ake kai kuma yana ɗaukar lokaci na yanzu. Shekarun farawa da gamawa ne za su nuna wanda ya dace.

Wajibi ne a jaddada cewa adadin da aka ƙara daga bakin mai takarda ya fito. Idan ba ta tuna adadi ba, a bar shi. Haka nan idan ta ce ta taimaka, ba a rubuta cewa ta jagoranta. Ranar ganawa ita za a yi wa tambaya a kan kowace kalma, mai fassara ba ya wurin.

8.5 Yabon Hali da Kalaman Ladabi

Layi na 6 ya ƙunshi siffofi uku da Bahaushe yake ɗauka a matsayin ginshiƙan mutumin kirki, batun da Anthony Kirk-Greene ya yi nazari a kansa a shekarar 1974. Kunya a wurin Bahaushe ta haɗa da kamun kai da sanin ya kamata da girmama na gaba. Kalmar shy kuwa tana nufin wanda ba ya iya magana a cikin mutane. Ga wadda za ta tsaya gaban aji, wannan naƙasu ne babba. Ke nan yabo ya rikiɗe ya zama suka. Haƙuri ma ya fi patience faɗi, domin ya haɗa da juriya a kan wahala da danne fushi.

Mafita ita ce a nemi aikin da ya tabbatar da halin. Riƙon amana ya riga ya bayyana a layin ma'aji, domin ba a ba maha'inci ajiyar kuɗin mutum 60. Haƙuri ya bayyana a koyar da manya tsawon shekara biyu ba tare da albashi ba. Idan mai takarda ta nace a ambaci halayen, ana iya taƙaita su da reliable and respectful, amma ba za a yi amfani da shy ba ko kaɗan.

Haka kuma akwai kalaman da ladabi da addini suke sa Bahaushe ya yi, kamar "cikin ikon Allah na kammala", ko "Allah ya nufe ni da samun", ko "na ɗan taɓa koyarwa". A Hausa waɗannan suna ƙara wa mai magana kwarjini. Idan aka kwashe su zuwa Ingilishi, na farko da na biyu sukan sa baƙo ya ga an shigo da abin da ba muhallinsa ba, na uku kuwa zai ɗauke shi a zahirinsa, ya fahimci cewa koyarwar kaɗan ce, alhali wataƙila shekara goma aka yi ana yi. Mai fassara zai tsame aikin da aka yi ya rubuta shi, ya kuma bayyana wa mai takarda dalili, don kada ta ga kamar an raina imaninta.

8.6 Suna da Laƙabi da Bayanan Kai

Suna ba a fassara shi, ba a kuma gyara shi. A'isha da Aisha da Aishatu suna ɗaya ne a kunnen Bahaushe, amma ga jami'in da ke kwatanta takardu sunaye uku ne. A bi rubutun da ke cikin fasfo harafi da harafi, ko da ya saɓa wa ƙa'idar rubutun Hausa. Laƙabin girmamawa kamar Malama da Hajiya da Alhaji a bar su, domin baƙo yakan ɗauke su a matsayin sunan yanka. Sarautar gargajiya ma ba a warware ta. Sarkin Yaƙi idan ya zama King of War ya tsorata mai karatu. Idan ambatonta yana da amfani, a rubuta ta da Hausa, a bi ta da gajeren bayanin cewa sarautar gargajiya ce, tare da aikin da mai ita yake yi wa jama'a.

Takardun da ake rubutawa a Nijeriya sukan ƙunshi ranar haihuwa da addini da matsayin aure da jihar asali da ƙaramar hukuma. Wannan yana da dalili a gida, musamman a aikin gwamnati inda ake la'akari da rabon gurabe tsakanin jihohi. A Birtaniya kuwa dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda shekaru ko addini ko jinsi ko aure, a Amurka ma akwai dokokin 1964 da 1967 masu irin wannan manufa. Shi ya sa ba a saba sanya waɗannan bayanai ko hoto a takardar neman aiki a ƙasashen biyu ba. Wasu ƙasashen suna da tasu al'adar daban, don haka a duba abin da sanarwar aikin ta nema.

Kwanan wata ma yana ruɗarwa. Idan aka rubuta 03/04/2021, ɗan Nijeriya da Baturen Ingila za su karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuwa zai karanta 4 ga Maris. Rubuta sunan wata da haruffa yana kawar da wannan. Daga ƙarshe, a tsarin jerawa, Bahaushe yakan fara daga firamare ya hauro, kamar mai ba da labari. Takardar Ingilishi takan fara da na baya-bayan nan ne ta gangara. Saboda haka a misalin nan, makarantar allo da ta zo a farko za ta koma ƙarshen sashen ilimi.

8.7 Auna Ingancin Fassara

Bayan an gama, akwai gwaji uku. Na farko, a ɗora fassarar kusa da takardun shaida, a tabbatar kowane suna da shekara da adadi sun dace. Na biyu, a ba wani mai jin harsunan biyu wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Hausa da baki, mai takarda tana saurare. Duk inda ta ce ba haka take nufi ba, ko ba ta yi hakan ba, to an yi ragi ko ƙari. Na uku, a ba mai jin Ingilishi wanda ba ya jin Hausa, a tambaye shi abin da ya fahimta a kowane layi. Wannan gwaji shi ne ya fi tona asirin fassarar kalma da kalma, domin mai jin Hausa yakan fahimci karkatacciyar jimla ba tare da ya lura ba, saboda yana jin Hausar da ke ƙarƙashinta. Inda mai karatun ya tsaya, ko ya yi murmushi, ko ya ce "wato me?", nan ne gyara yake.

8.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa fassarar takardar taƙaitaccen tarihin rayuwa tana bukatar hanya daban ga kowane rukuni na matsala. Abin da ke da suna na hukuma ana mayar masa da sunansa a ƙara gajeren bayani. Adon magana ana ajiye kalmominsa a ɗauki ma'ana, sannan a nemi aikin da ke bayansa daga bakin mai takarda. Yabon hali ana nuna shi ta hanyar aiki, suna da shekara da adadi kuwa ana kwafe su yadda suke. A babi na gaba za a duba fassarar wasiƙar neman aiki, wadda takan raka wannan takarda.

8.9 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta daidaito na siga da daidaito na tasiri, sannan ka faɗi sassan takardar da kowannensu ya dace da su.
2. Me ya sa bai kamata mai fassara ya ce NCE ta yi daidai da wata takarda ta ƙasar waje ba?
3. Bayyana bambancin sauka da hadda, da illar gwama su a fassara.
4. Fassara waɗannan zuwa Ingilishin da baƙo zai fahimta, ka kuma rubuta tambayoyin da za ka yi wa mai takarda kafin ka fassara kowanne: (a) Na shugabanci aikin gayya na gyaran magudanun ruwa. (b) Ni ne magatakardan ƙungiyar iyayen yara da malamai. (c) Na yi ajin share fagen shiga jami'a. (d) Na yi ruwa na yi tsaki wajen rigakafin shan-inna.
5. Rubuta taka takardar da Hausa a shafi ɗaya, ka musanya da abokin karatunka, kowa ya fassara ta ɗan'uwansa, sannan ku yi gwaje-gwaje ukun da aka bayyana a 8.7.